Motar ta tashi, ko ta riga ta tashi? Aikin “had” a jimlar Turanci

Wata ɗaliba ta kawo mini insha'in da ta rubuta lokacin da take shirin jarrabawar WAEC. Tana ba da labarin yadda mota ta wuce ta bar ta a tasha, sai ta rubuta: “When I reached the park, the bus left.” Na tambaye ta ko ta ga tashin motar da idonta. Ta ce a'a malam, ko ƙurarta ba ta gani ba. Na ce to jimlarki cewa take yi kina tsaye motar ta tashi.

Abin da take nufi shi ne: “When I reached the park, the bus had left.” Kalma ɗaya aka ƙara, amma labarin ya juya. A jimla ta farko isowarta ce ta fara, tashin motar ya biyo baya. A ta biyu kuwa tashin motar ne ya fara, ko da yake shi aka ambata a ƙarshe.

Masana nahawun Turanci suna kiran sigar “left” kaɗai da suna “past simple”, sigar “had left” kuma “past perfect”. Sunayen ba su ne abin damuwa ba, domin Bahaushe ya daɗe da sanin wannan bambanci a bakinsa. Idan ka ce “Da muka isa, sai suka tashi,” kowa ya san a gabanku aka tashi. Idan kuma ka ce “Ko da muka isa, sun tashi,” an san wayam kuka tarar. Ratar da ke tsakanin “suka tashi” da “sun tashi” a nan ita ce ratar da ke tsakanin “left” da “had left”.

Saboda haka ga gwajin da nake ba ɗalibaina. Ka faɗi jimlar da Hausa, ka saka “riga” a jikin aikin da kake shakka a kansa. Idan ta zauna daidai, kamar “motar ta riga ta tashi”, to wannan aikin yana neman “had”. Idan kuwa “sai” ce ta fi dacewa, ka bar ayyukan biyu a sigarsu ta sauƙi. Dalili shi ne mai karatu yana ɗauka cewa abubuwa sun faru ne bi da bi, yadda aka jero su. Aikin “had” shi ne ya sanar da shi cewa an ɗan koma baya.

Da yawa suna zaton “had” ta abin da ya daɗe da faruwa ce, shi ya sa suke yayyafa ta ko'ina. Ba haka ba ne. Ko abin da ya faru a 1960, Turanci cewa yake yi “Nigeria became independent in 1960”, ba tare da “had” ba, domin babu wani abu na biyu da ake auna shi da shi. Amma abin da ya faru minti biyar kacal kafin isowarka tasha yana iya ɗaukarta. Haka nan mai cewa “I had seen him yesterday” ya yi shiru, ya bar mai sauraro yana jira: kafin me?

Akwai inda dokar ke sassautawa. Idan jimla tana ɗauke da “before” ko “after”, kalmar da kanta ta nuna wanda ya riga wani. “The bus left before I arrived” daidai ce, “had left” ma daidai ce a wurin. “When” ce ke buƙatar lura, domin ba ta bayyana wanda ya fara.

Saura tarko ɗaya. Aikatau na Turanci yana da siga uku, kamar “go, went, gone” da “write, wrote, written”, kuma ta uku ce kaɗai ke bin “had”. Ana cewa “had gone”, ba a cewa “had went”. Ɗalibata ta tsira daga wannan ne don “leave” sigarta ta biyu da ta uku duk “left” ce.

Bayan kwana biyu ta dawo da takardar ta gyara. A ƙasa ta ƙara wata jimla da kanta, game da ranar da ta iso gida a makare ta tarar ƙannenta sun cinye tuwo: “When I got home, they had eaten everything.” Na tambaye ta yadda ta gane. Ta ce, “Malam, ai sun riga sun cinye.”