Tattabaru Takwas, Akurki Bakwai

Idan mutum takwas suka zauna a kan tabarma ɗaya, ba sai an tambayi kowa ba: akwai biyu a cikinsu da aka haifa rana ɗaya a mako. Wataƙila Ɗanladi ne da Ladi, wataƙila Jummai biyu ne. Dalili kuwa ranakun mako bakwai ne kacal. Ko da mutum bakwai na farko kowa ya kama rana tasa, daga Lahadi zuwa Asabar, na takwas ba shi da inda zai shiga sai ranar da wani ya riga ya kama.

Masana lissafi suna kiran wannan ƙa'idar akurkin tattabara: in tattabaru sun fi akurkai yawa, tilas wani akurki ya ɗauki biyu ko fiye. Ana jingina ta ga Bajamushen nan Dirichlet, wanda ya yi aiki da ita a ƙarni na 19, ko da yake shi da aljihunan tebur ya yi misali. Da ita ake tabbatar da cewa mutum 13 ba za su rasa biyu masu watan haihuwa ɗaya ba, mutum 367 kuma ba za su rasa biyu da ranarsu da watansu suka zo daidai ba, tunda shekara ba ta wuce kwana 366.

Ƙa'idar tana ƙara ƙarfi in jama'a sun yi yawa. Gashin kan mutum yawanci yana tsakanin sili 100,000 ne zuwa 150,000, babu mai miliyan ɗaya. To, a yi akurki miliyan ɗaya, daga sili 0 zuwa 999,999. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum sama da miliyan 9. Da a ce kowane akurki bai wuce mutum 9 ba, da jimlar ba ta wuce miliyan 9 ba, alhali ta wuce. Ke nan a lokacin akwai aƙalla mutum 10 a jihar da yawan silin gashinsu ya zo daidai cif, kuma babu wanzamin da ya ƙirga ko ɗaya.

Inda aikin yake shi ne gano akurkan, don ba kullum suke fili kamar ranakun mako ba. A ɗauki mutum shida a wajen ɗaurin aure. Wasu sun yi musabaha da juna, wasu ba su yi ba. Da'awar ita ce akwai biyu da suka gaisa da adadin mutane iri ɗaya.

Kallon farko ba ya taimakawa. Kowa yana iya gaisawa da mutum 0, 1, 2, 3, 4 ko 5: akurki shida, mutum shida, kowa na iya samun nasa, ƙa'ida ba ta ce komai ba. Amma a sake dubawa. In akwai wanda ya gaisa da mutum 5, to ya ba kowa hannu, don haka babu mai 0. In kuma akwai wanda ya noƙe bai gaisa da kowa ba, babu wanda zai kai 5. Akurkin 0 da na 5 ba sa cika tare, saura biyar ke nan ga mutum shida. Biyu sun haɗu. Hujjar tana nan daram ko taron mutum 600 ne, muddin gaisuwar ta ɓangare biyu ce. In aka mayar da ita "wa ya san wa", inda talaka ya san sarki amma sarki bai san shi ba, sai ta rushe.

Wuraren tuntuɓe sanannu ne. Ɗalibi yakan manta akurkin sifili, ko ya manta 29 ga Fabrairu ya ce mutum 366 sun isa. Wani kuma yakan ɗora wa ƙa'idar abin da ba ta faɗa ba. Ba ta nuna su waye mutum biyun, ba ta faɗi wace rana ce ba, kuma ba ta ce kowane akurki zai samu tattabara ba: mutum takwas ɗin nan duk suna iya zama haihuwar Laraba. In kuma mutum bakwai ne, haɗuwar tana iya faruwa, tabbas ɗin ne dai babu.

Mai karatu na iya gwada hannunsa da mutum 15 da ranaku bakwai. Amsar ita ce aƙalla uku sun haɗa rana, domin biyu sau bakwai 14 ne.