Rumbun Hanta da Jinin Mai Azumi

Idan manomi a Tsaskiya ta ƙasar Safana ya yi sahur da tuwon gero, ya ɗauki azumi, ya wuni wajen sa'a goma sha huɗu bai sa kome a bakinsa ba, alhali sukarin da ke yawo cikin jininsa kakaf bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, wato kimanin ƙaramin cokali guda, ƙwaƙwalwarsa kuwa ita kaɗai tana cinye wajen giram 120 a kwana ɗaya, to, ya kamata mai hankali ya tambaya daga ina guzurin ke fitowa har magariba.

Amsar tana ga wata halitta da ke kwance bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Da tuwon ya narke ya zama gulukos ya shiga jini, sai ta saki insulin, sinadarin da Banting da Best suka fara tacewa a Toronto a 1921. Shi ke buɗe wa sukari ƙofar tsoka da kitse, ya kuma umarci hanta ta daina fitarwa, ta tara rarar a matsayin gilaikojin, har kusan giram 100, kamar yadda ake cika rumbu da kaka.

Kafin azahar hanji ya gama aikinsa, sai insulin ya ja da baya, abokin hamayyarsa gulukagon ya tashi, ya sa hanta ta riƙa ɗebowa daga rumbun nan kaɗan-kaɗan. Ita kuwa tsoka, ko da yake ajiyarta ta fi ta hanta yawa, marowaciya ce, ba ta sakar wa jini, don kanta take tanadi. Yayin da rumbu ya fara ja ƙasa, hanta takan ƙara himma wajen ƙera sabon sukari daga furotin da wani ɓangare na kitse, tsoka kuma ta koma ƙona mai domin a rage wa ƙwaƙwalwa rabonta. Ta haka ma'aunin sukarin mai lafiya ke tsayawa tsakanin 70 da 99.

Inda mushkila take shi ne ga mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayar gilibenkilamaid, domin insulin ɗinsa ba ya ja da baya lokacin da ya kamata. Ya sha cikakken maganinsa da sahur, ya fita aiki cikin rana, sai hantarsa ta zauna a kulle sukari na ta raguwa. Alamun faɗuwar sukari su ne gumi mai sanyi, karkarwa, bugun zuciya, sa'an nan maganarsa ta fara rikicewa, wajen la'asar galibi. Hukuncin likitoci, wanda bai saɓa wa rangwamen da shari'a ta yi wa majinyaci ba, shi ne idan awo ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, ya karya azumin nan take. Idan sauka ya yi, a ba shi ƙaramin cokali uku na sukari a ruwa muddin yana iya haɗiya, a sake awo bayan minti 15.