Kafin ku kai takardar sanarwa gidan bugu a Tawa

Jama'ar Barmu da ƴan uwa na Abijan, ga abin da ke yawan faruwa: ɗan uwa ya tsara takardar sanarwar taron ƙungiya a wayarsa, ya turo gida, a ɗauka har Tawa, a biya kuɗin kwafi ɗari biyar. Sai a karɓo a ga fuskoki sun dushe, kuma wuƙar yanka ta cinye rabin lambar waya. To, kuɗi sun tafi, mai bugu kuma ba zai sake ba kyauta.

Mu ɗauki takarda A5, wato rabin A4: faɗi milimita 148, tsawo 210. Mai bugu yana buga ta ne a kan babbar takarda, sannan ya tara da yawa ya yanke a lokaci guda. Wuƙar kan ɗan kauce. In launin bango ya tsaya daidai bakin takarda, sai farin layi ya bayyana a gefe. Shi ya sa ake ƙara milimita 3 a kowane gefe, launin ya malala har can, a yanke a zubar. A Canva na Faransanci sunansa Fond perdu. Ke nan aikin zai zama 154 da 216. Rubutu kuwa, musamman ranar taro da lambar waya, a ja shi ciki da milimita 5 daga inda za a yanke.

Sai kaifin hoto. Masu bugu na son 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci. Ga wannan takarda tamu, ana bukatar ɗigo 1819 a faɗi, 2551 a tsawo. Wanda aka tsara don kallon waya mai faɗin ɗigo 1080 kusan 178 dpi kawai zai bayar. Canza lambar zuwa 300 daga baya ba ya ƙara masa kaifi, sai an koma ga hoton asali. Kuma don Allah kar a turo ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi take yi. A fitar da PDF, a turo ta Document.

Launi fa? Waya da haske take aiki, RGB ke nan. Injin bugu da tawada huɗu yake aiki, CMYK, ko CMJN da Faransanci. Kore mai ƙyalli da shuɗi mai haske sukan fito a dushe a takarda. A Photoshop a shiga Image > Mode > Couleurs CMJN don a ga canjin tun kafin bugu. Ƙananan haruffa a sa su da baƙar tawada zalla, K 100, don in an haɗa tawada huɗu suka ɗan kauce wa juna, sai rubutu ya yi inuwa.

Wanda zai je Tawa ya ce a buga masa guda ɗaya tukuna, a yanke, ya fita da ita waje ya karanta lambar waya kafin a saki sauran.