Farin Ɓawon Da Ke Kama Famfo Da Gilashi: Tsami Ne Maganinsa, Ba Ƙarfi Ba

Da yawa daga cikinmu masu amfani da ruwan rijiyar burtsatse mun san farin ɓawon nan da ke kama bakin famfo, da gilashin banɗaki, da tayil. Sau da yawa iyayenmu mata kan sa yara su dirje shi da soson ƙarfe ko toka, kamar yadda ake yi wa gindin tukunya. Nan ne ɓarnar take. Ƙyallin famfo wani siririn rufi ne na ƙarfen da ake kira kurom, in ya karce kuwa ba ya dawowa.

Dattin iri biyu ne. Na farko ɓawo ne mai kaushi, wanda sinadarin kalsiyam na cikin ruwa ke bari in ruwan ya bushe. Idan muka ɗan kankaro shi muka ɗiga masa lemun tsami, za mu ga yana ƙananan kumfa. Na biyu dauɗar sabulu ce, mai santsi kamar maiƙo. Ita ce kan rufe ɓawon, saboda haka ita za mu fara wankewa da ruwan ɗumi da sabulun ruwa na wanke kwanuka.

Bari mu ɗauki famfon da bakinsa ya yi fari fat. Sai mu haɗa kofi 1 na farin binega da kofi 1 na ruwan ɗumi. In babu binega, ruwan lemun tsami da aka tace ya isa. Mu jiƙa tsumma mai laushi, mu naɗe bakin famfon har minti 10, sa'an nan mu goga da tsohon burushin haƙori, mu ɗauraye sosai, mu share. Idan da saura, gara a maimaita da a bar tsumman ya kwana, gama tsami in ya daɗe yakan dusar da kurom.

Haka za a yi wa gilashi da tangaran, amma a hanzarta ɗauraye simintin da ke tsakanin tayil, domin tsami na cinsa. Idan an maimaita sau biyu ko uku gilashi bai daina hazo ba, alhali yatsa ba ya jin ɓawo, to fuskarsa ce ta riga ta ci. Ƙarin dirza ba zai gyara ba.

Gargaɗi biyu, jama'a. Kada tsami ya taɓa daɓen mabul ko tarazo, zai bar tabo. Kada kuma a kuskura a haɗa shi da bilic, domin yana ta da iskar kulorin mai illa ga huhu, balle a banɗaki mara taga.

Daga yau, wanda ya yi wanka na ƙarshe ya share gilashi da famfo da busasshen tsumma. Ruwan da bai bushe a kansu ba, ba zai bar ɓawo ba.