Ɗigo ɗaya ne ke ɓoye folda a wayarka

Ka duba wurin ajiyar wayarka, ta ce fayiloli sun cinye giga 40. Ka shiga manhajar fayiloli ka lissafa abin da idonka ke gani, bai kai hakan ba. Wani kaso na wannan giɓin yana cikin foldojin da sunansu ya fara da ɗigo, irin su `.thumbnails`, waɗanda manhajar ke tsallakewa idan za ta jera maka kaya.

Android a kan Linux aka gina shi, Linux kuma ya gaji wannan ɗabi'a daga Unix na shekarun 1970. Rob Pike, wanda ya yi aiki a Bell Labs inda aka ƙirƙiri Unix, ya rubuta a 2012 cewa abin ya samo asali ne daga kuskure. A kowace folda akwai sunaye biyu na musamman: `.` na nufin foldar da kake ciki, `..` na nufin wadda ke samanta. Masu rubuta umarnin `ls` ba sa so waɗannan biyun su riƙa fitowa a jeri, sai suka bi gajeriyar hanya suka ce a tsallake duk sunan da ya fara da ɗigo. Mutane suka lura, suka fara sa wa fayilolin saituna ɗigo don kada su cika musu ido, har abin ya zama al'ada. Saboda haka ɓoyon nan ba kulle ba ne. Babu kalmar sirri, suna ne kawai.

A Files by Google, taɓa layuka ukun da ke sama, shiga `Settings`, ka kunna `Show hidden files`. A wayoyin Samsung, manhajar My Files tana da irin wannan maɓalli a nata saitunan. A kwamfutar Linux, `Ctrl+H` ne a yawancin manhajojin fayil, a Mac kuma `Cmd+Shift+.` a cikin Finder. Windows ba ruwansa da ɗigo, alama ta daban yake liƙa wa fayil, shi ya sa idan ka sa katin waya a kwamfutar Windows kake ganin foldojin tsirara.

Masu amfani da Termux kuwa, bayan sun ba shi izinin ajiya da `termux-setup-storage`, ga abin da za su rubuta:

```
cd ~/storage/shared
ls -A
du -sh .[!.]*
```

Layi na biyu zai jera komai har da ɓoyayyun, ban da `.` da `..`. Na uku zai faɗi girman kowane ɓoyayye a wannan matakin kaɗai. Waɗanda ke can ciki, sai ka shiga ka maimaita.

Misalin da kowa ya fi so shi ne na WhatsApp. Hotuna da bidiyon da abokai ke ɗorawa na awa 24, da zarar ka kalla sun sauka a wayarka. Daga Android 11 zuwa sama suna nan:

```
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media/.Statuses
```

A tsofaffin wayoyi kuwa `WhatsApp/Media/.Statuses` ne kai tsaye. Ka kwafe bidiyon zuwa `Download` kafin lokacinsa ya ƙare, domin WhatsApp da kansa yake sharewa. Manhajojin adana irin waɗannan bidiyo da ke cike da talla, yawancinsu wannan foldar suke leƙawa. A ganina ba su cancanci gurbi a wayarka ba.

Sai `.nomedia`, wanda ya fi rikita mutane. Shi fayil ne, yawanci ma babu komai a cikinsa. Idan yana cikin wata folda, Android ba zai nuna hotuna da bidiyon da ke ciki a manhajar hotuna ba, har da na ƙananan foldojin da ke ƙarƙashinta. Alamar matsalar ita ce hotuna sun ɓace a manhajar hotuna amma kana ganinsu a manhajar fayiloli. Kunna nuna ɓoyayyu, shiga foldar, ka nemi `.nomedia`. In babu a nan, duba foldar da ke samanta. Share shi, ka kashe wayar ka kunna don ta sake lissafin hotuna. Amma wanda ke cikin foldar `Sent` ta WhatsApp da gangan aka sa shi, don kada duk hoton da ka tura ya fito sau biyu.

Wajen sharewa ne ake kuka. `.thumbnails` ƙananan kwafin hotuna ne kawai, idan ka share wayar za ta sake ƙirƙirar su, don haka sararin da ka samu na ɗan lokaci ne. Fayilolin da suka fara da `.trashed-` su ne waɗanda ka jefa kwandon shara, suna jiran kwana 30 kafin su tafi gaba ɗaya. Haɗarin yana ga manhajojin ɓoye hotuna: wasunsu a folda mai ɗigo suke tara hotunanka, da sunayen da ba za ka gane ba. Idan ka ga folda mai nauyi da ba ka san mai ita ba, kada ka share tukuna. Canza mata suna, ka ƙara `_tsoho` a ƙarshe, ka yi kwana biyu kana amfani da wayar. Manhajar da ta fara nuna babu komai a cikinta, ita ce mai foldar, sai ka mayar da sunan yadda yake.