Idan aka yi kunnen doki, Excel suna ɗaya yake gani

A kakar 2018/2019 ta gasar Firimiyar Ingila, 'yan Afirka uku suka raba takalmin zinare: Aubameyang, Mané da Salah, kowa ƙwallo 22. Agüero ya biyo da 21, Vardy da 18. Ka zuba su a Excel, sunaye daga A2 zuwa A6 bisa jerin baƙaƙe, ƙwallaye a B, ka rubuta 1, 2, 3 daga E2 zuwa E4, sannan ka nemi ukun farko.

LARGE ba ya ɓata lokaci, 22 zai ba ka sau uku, kuma gaskiyarsa. Wajen sunaye ake samun tangarɗa. Abin da aka saba sakawa a F2 a ja shi ƙasa shi ne:

```
=INDEX($A$2:$A$6,MATCH(LARGE($B$2:$B$6,E2),$B$2:$B$6,0))
```

Sai ga Aubameyang, Aubameyang, Aubameyang. Dalili kuwa, MATCH daga sama yake farawa, da zarar ya ci karo da 22 na farko sai ya tsaya, INDEX ya ɗauko sunan da ke wannan layi. Sau goma za ka tambaye shi, a nan zai tsaya. Abin haushi, ba wani gargaɗi da zai fito. Maimaicin sunan kaɗai ke tona matsalar.

Magani shi ne kada lambobi biyu su zo daidai. A C2 ka rubuta wannan, ka ja zuwa C6:

```
=B2-ROW()/1000
```

ROW lambar layi yake bayarwa, don haka an ɗan gutsiri wani abu daga kason kowa. Aubameyang a layi na 3 ya koma 21.997, Mané 21.996, Salah 21.995. Agüero yana 20.998, bai ƙetare kowa ba. Yanzu duk inda B yake a fomular farko ka mai da shi C, sunaye uku za su fito daban-daban. Idan jerin ya kai layi dubu, ko makin yana da ɗigo kamar 72.5, ƙara sifilai a kan 1000, kada gutsiren ya sauya matsayin wani.

Sai dai fa wannan dabara ba alƙalanci ba ce. Aubameyang ya hau sama ne kawai don sunansa ya riga zuwa a jeri. Kuma a Kofin Duniya na 2010 mutum huɗu ne suka ci biyar-biyar: Müller, Villa, Sneijder da Forlán. Jerin mutum uku zai yar da ɗaya shiru. Wannan ke ƙirga waɗanda suka kai makin na uku:

```
=COUNTIF(B2:B6,">="&LARGE(B2:B6,3))
```

Malamin da ke fitar da sakamakon zango, ka duba shi kafin ranar rabon kyauta. In ya wuce 3, akwai yaron da aka bari a baya, sai ka ƙara 4 a E5.