Maganin tsutsar awaki: a duba ido kafin a ɗura magani

Da zarar damina ta kankama a yankunan Marwa, Garwa da kudancin Chadi, masu awaki da yawa sukan sayi maganin tsutsa a kasuwa su ɗura wa garke gaba ɗaya. Bayan wata ɗaya ko biyu a sake. A farko abin yakan yi kyau, amma da tafiya ta yi nisa sai a ga maganin da ya saba aiki ya zama kamar ruwa, akuya ta sha ta ci gaba da ramewa har ta faɗi. Sau da yawa akan zargi jabun magani, kuma lallai akwai shi a kasuwanni. Sai dai akwai wani dalilin da ya fi wuyar gyara, wato tsutsar ce da kanta ta daina jin magani. Hanyar rage saurin wannan matsala ita ce a daina bai wa kowace akuya magani, a zaɓi waɗanda jininsu ya ragu kawai. Launin cikin fatar ido ne ke nuna su.

Tsutsar da ke shan jini

Tsutsar da ta fi kashe awaki da tumaki a ƙasashe masu zafi ita ce wadda likitocin dabbobi ke kira Hemonkus. Siririya ce kamar zare, tsawonta santimita 2 zuwa 3, tana zaune a sashe na huɗu na cikin dabba, tana huda shi tana shan jini. Kowace ɗaya tana jawo asarar ɗigon jini kaɗan ne a rana, amma guda 1,000 kan iya raba akuya da kusan mililita 50 kullum. Ƙaramar akuya ba za ta jure haka na tsawon makonni ba.

Macen tsutsar tana zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana, suna fita cikin kashi. Idan akwai ɗumi da laima, cikin kamar mako ɗaya sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan sun hau ciyawa suna jira. Akuya ta haɗiye su wajen kiwo, bayan kusan mako uku su ma sun fara ƙwai. Shi ya sa cutar ke tsananta a tsakiyar damina, musamman inda ake ɗaure awaki a turke ɗaya don kada su shiga gonaki, suna ci suna kashi a wuri guda. Wannan tsutsa ba ta cika sa zawo ba, don haka mai jiran ganin zawo zai iya makara. Alamunta su ne kasala, koɗewar ido da dasashi, wani lokaci da kumburin ruwa a ƙarƙashin haɓa.

Yadda magani ke rasa ƙarfi

A cikin kowane taron tsutsotsi akwai 'yan kaɗan da aka halitta da juriyar magani. A ɗauka su 10 ne cikin 1,000. Idan aka ɗura wa dukan garke, 990 za su mutu, waɗannan 10 su rage, kuma daga ranar su ne kaɗai ke zuba ƙwai a makiyaya. 'Ya'yansu za su gaji juriyar. Idan aka maimaita haka sau da yawa a shekara, sannu a hankali masu juriya su zama su ne mafi rinjaye. In abin ya kai nan, daina amfani da maganin ba ya mayar da shi yadda yake a dā.

Amma idan aka bar wasu awaki ba a ba su magani ba, tsutsotsin da ke cikinsu masu jin magani za su ci gaba da zuba ƙwai, su cakuɗu da masu juriya su rage yawansu. Abin da ke sa wannan ya yiwu ba tare da asara ba shi ne tsutsa ba ta rarrabuwa daidai a garke. Galibi kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na dabbobi ne ke ɗauke da mafi yawan tsutsotsin, sauran kuma jikinsu na iya riƙe 'yan kaɗan da ke cikinsu. Aikin shi ne a gane waɗancan 'yan tsirarun.

Katin Famacha da yadda ake duba ido

A Afirka ta Kudu, inda maganin tsutsa ya daina aiki a gonakin tumaki da dama, likitocin dabbobi sun ƙirƙiro wani ɗan kati a shekarun 1990. An sa masa suna Famacha daga sunan ɗaya daga cikinsu, Dakta Faffa Malan, wanda ya yi aikin tare da Gareth Bath da Jan van Wyk. Katin yana da launi biyar. Lamba 1 ja ne sosai, 2 ja ne mai ɗan haske, 3 ruwan hoda, 4 ruwan hoda da ya koɗe ya kusa fari, 5 kuma fari fat. Gwargwadon yadda jini ya ragu, haka launin ke koɗewa.

Ana duba dabba a fili da hasken rana, ba cikin ɗaki ko da tocila ba. Mutum ɗaya ya riƙe akuya. Mai dubawa ya sa babban yatsa ya rufe ido da fatar sama, ya danna a hankali, sannan ya ja fatar ƙasa da ɗaya babban yatsan. Naman cikin fatar ƙasa zai turo waje, shi ake karawa da kati. Ba farin ido ake kallo ba, ba kuma 'yar fatar nan ta uku da ke lungun ido ba, domin ita a koɗe take ko da dabba lafiya lau. A yanke hukunci cikin daƙiƙa kaɗan, saboda in aka daɗe ana riƙe da ido yakan ƙara ja ya ruɗi mutum. A duba idanu biyu, idan sun bambanta ko ana shakka tsakanin lamba biyu, a ɗauki mafi koɗewa.

Masu lamba 1 da 2 a ƙyale su. Masu 4 da 5 a ba su magani ranar. Ga awaki, ana shawartar a haɗa da masu lamba 3, musamman ƙanana, masu shayarwa da masu tsohon ciki. Da damina ana dubawa kowane mako biyu, da rani kuma kowane mako huɗu zuwa shida. Ko babu kati, mutum zai iya bambance ja da fari, amma lambobin tsakiya suna buƙatar kati na ainihi da horo daga jami'in kiwo. Hoton kati a waya ko wanda aka buga a shago ba abin dogaro ba ne don launi yana canzawa, shi ma na ainihin yana koɗewa in an bar shi a rana.

Misali da garken awaki 30

A ɗauka wata mata a wani ƙauye kusa da Marwa tana da awaki 30, ta duba su a tsakiyar Agusta. Ta samu 12 a lamba 1, tara a lamba 2, biyar a lamba 3, uku a lamba 4, ɗaya kuma a lamba 5. Tara za ta bai wa magani, 21 su tafi haka. Ta rage kuɗin magani da fiye da kashi biyu cikin uku. Amma tun da huɗu cikin 30 sun kai lamba 4 da 5, wato sun haura kashi 10 cikin ɗari, wurin kiwon ya cika da tsutsa, don haka gara ta koma dubawa duk mako har abin ya lafa.

Sai batun awo, inda aka fi kuskure. Jikin akuya yana fitar da magani da sauri fiye da na tunkiya, don haka adadin tumaki bai ishe ta ba. A albendazol, likitoci kan ninka adadin tumaki sau biyu. Idan takardar magani ta ce miligiram 5 ga kowane kilo na tunkiya, akuya tana buƙatar 10, ke nan mai kilo 25 za ta sha miligiram 250. Wanda ya raba ƙwaya mai miligiram 300 biyu ya ba ta rabi don tattali, ya ba ta abin da zai kashe raunanan tsutsotsi ya bar masu ƙarfi. Nauyi kuma a auna shi, ko da sikelin rataye da buhu, kada a kintata da ido.

Lebamizol daban yake. Sau ɗaya da rabi na adadin tumaki ake bai wa akuya, kuma idan aka zarce zai iya kashe ta, don haka sai da jagorancin likita. Albendazol kuwa ba a ba da shi a farkon ciki, cikin kwana 45 na farko, saboda yana iya cutar da ɗan tayi. Kowane magani kuma yana da kwanakin jira kafin a sha nono ko a yanka dabba.

Waɗanda aka bai wa magani a sa musu alama, da zare a wuya ko fenti a ƙaho, a rubuta ranar. Mai lamba 5 tana buƙatar hutu a inuwa, ruwa, harawa da dusa, domin magani yana kashe tsutsa ne, jini kuwa sai abinci ya mayar da shi cikin makonni. Bayan mako biyu ya kamata ido ya fara ja. Idan yawancin taran ba su canza ba, ko maganin jabu ne, ko an rage awo, ko tsutsa ta daina jinsa. Gwajin kashi ne ke tabbatarwa: a ƙirga ƙwai ranar shan magani, a sake bayan kwana 10 zuwa 14, in raguwar ba ta kai kashi 95 cikin ɗari ba, akwai alamar juriya. Sauya suna a kwali ba ya wadatarwa, domin albendazol da fenbendazol dangi ɗaya ne. Sai an koma wani dangi, kamar lebamizol ko ibamektin na sha.

Abin da ido ba ya nunawa

Koɗewar ido tana nuna ƙarancin jini ne, ba ta faɗin dalilinsa. A bakin Tafkin Chadi da fadamun Logon, tsutsar hanta ma tana shan jini. A wuraren da ke da ƙudan tsando, kamar dazuzzukan Adamawa, sammore na yin haka. Kaska, ƙwarƙwata da yunwa su ma suna koɗar da ido. A ɗaya ɓangaren, ƙura ko ciwon ido kan sa ido ya yi ja alhali jini ya ragu. Akwai kuma tsutsotsin hanji masu sa zawo da rama ba tare da taɓa jini ba. Shi ya sa tare da ido ake duba haɓa, a shafa gadon baya a ji tsoka, a kalli gashi da ƙarƙashin wutsiya.

Rubutun da aka ajiye yana da wani amfani bayan damina. Akuyar da sunanta ya fito sau uku ko huɗu a shekara ita ce ke cika makiyaya da ƙwai, kuma juriyar tsutsa abu ne da ake gado. Irin wannan ita ya dace a kai kasuwa, a bar wa garke uwaye da bunsurun da idonsu ya zauna ja har ruwa ya ɗauke.